Hanya ɗaya, farashi uku: yadda manhajar tasi ke lissafa kuɗin mota

A ɗauki misalin wata ma'aikaciya da ke zaune a Nyanya, tana zuwa aiki kusa da kasuwar Wuse a Abuja. Ranar Lahadi da hantsi ta buɗe manhajar tasi a wayarta, aka nuna mata naira 3,700. Ranar Talata da ƙarfe bakwai na safe ta sake dubawa, sai ta ga 4,750. Wata Litinin kuma, hadari ya haɗo, yayyafi ya fara, kowa ya tsaya ƙarƙashin rumfa yana latsa waya, farashin ya koma 7,480. Hanyar ba ta ƙaru da ko taku ɗaya ba, motar ma irin ta jiya ce. Abin da yakan fara zuwa ran fasinja shi ne direba ya yi coge, alhali direban bai ma san da ita ba a lokacin da kwamfutar kamfanin ta yanke wannan farashi.

Uber ya fara aiki a Legas a 2014, sannan ya isa Abuja a 2016. A wannan shekarar ce kuma Taxify na ƙasar Estoniya ya shigo, wanda ya koma Bolt a 2019. Kafin su, wanda zai ɗauki shatar tasi sai ya leƙa ta taga an yi ciniki, a taya, a yi albarka, a sallama. Manhaja ta ɗauke cinikin, ta maye gurbinsa da lissafi, kuma lissafin ba wani mai wuya ba ne.

Ginshiƙansa uku ne. Akwai kuɗin ɗauka, wanda ake biya da zarar an shiga mota ko da tafiyar gajera ce. Akwai kuɗin kowace kilomita, sannan akwai kuɗin kowane minti. Kamfanoni suna canza waɗannan alƙaluma daga gari zuwa gari da kuma daga irin mota zuwa wata, sukan kuma ɗaga su idan mai ya yi tsada, kamar yadda aka gani bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Saboda haka alƙaluman da ke tafe na misali ne kawai, an zaɓe su don lissafin ya fito fili: kuɗin ɗauka naira 500, kilomita naira 150, minti naira 30, sai wata naira 200 ta hidimar manhaja da ake ɗorawa a ƙarshe.

A ce tsakanin gidan matar da ofis kilomita 15 ne. Ranar Lahadi hanya fayau, taswira ta ƙiyasta minti 25. Kilomita 15 sau 150 ya ba da 2,250. Minti 25 sau 30 ya ba da 750. A haɗa da 500 na ɗauka, an samu 3,500, a ƙara 200, ga 3,700 ɗin da ta gani.

Ranar Talata nisan yana nan yadda yake, amma duk wanda ya taɓa bin hanyar Nyanya zuwa AYA da safe ya san yadda motoci ke jan ciki a wurin. Yanzu taswira ta ce minti 60. Kuɗin lokaci ya tashi daga 750 zuwa 1,800, jimlar ta koma 4,550, da kuɗin hidima 4,750. Wato cunkoso kaɗai ya ci naira 1,050, ba tare da wani ƙari na musamman ba. Wannan kuɗin na minti yana da hujja: direban da ya shafe awa guda a cikin cunkoso injinsa na shan mai, kuma ya rasa wani fasinjan da zai iya ɗauka.

Manhaja ba ta san tsawon lokacin da tafiyar za ta ci ba, hasashe take yi. Tana duba saurin da motoci suka saba yi a wannan titi a irin wannan rana da wannan awa, ta haɗa da abin da wayoyin direbobin da ke kan titin suke aikowa a lokacin. Nisa kuwa taswira ce ke auna shi a kan hanyar da ta zaɓa. Shi ya sa ɓangaren nisa ba ya cika motsi, ɓangaren lokaci ne ke hawa da sauka.

Akwai wani abu da ke ɓoye cikin alƙaluman nan. Idan kilomita naira 150 ce, minti kuma 30, to kilomita ɗaya daidai take da minti biyar. Inda akwai hanyar kewaye mai kilomita 20 da za ta ci minti 35, kuɗinta zai zama 500 da 3,000 da 1,050, wato 4,550, daidai da gajeriyar hanyar mai cunkoso, kuma fasinja ya tsira da minti 25. Ba kowane direban da ya kauce wa hanyar da aka saba ba ne yake neman ƙarin kuɗi.

Sai babban abin da ke tayar wa mutane hankali, wato ninkin farashi, wanda Uber ke kira surge. Kamfani yana yanka taswirar gari gunduwa-gunduwa. Uber ma ya fitar da tsarin da ya ƙirƙiro don haka a 2018, mai suna H3, inda kowace gunduwa ke da kusurwa shida kamar saƙar zuma. A kowace gunduwa kwamfuta tana ƙirga masu neman mota da motocin da ke hannu babu fasinja. Idan masu nema sun rinjayi motoci, sai ta sa ninki: 1.2, 1.6, sau biyu, ko fiye. Hujjar kamfanonin ita ce tsadar za ta jawo direbobi daga wasu unguwanni, ta kuma sa wanda ba ya sauri ya dakata.

Ga yadda ake haɗa su duka a tsarin ninki:

```
farashi = (ɗauka + nisa + lokaci) × ninki + hidima
```

Baka biyun nan su ne asirin zancen. Ninki yana hawa kan dukan abin da ke cikinsu, har da kuɗin cunkoso. Ranar Litinin mai yayyafi, 4,550 sau 1.6 ya ba da 7,280, da 200 na hidima ya zama 7,480. Da hanya a buɗe take, ninkin 1.6 zai tsaya kan 3,500 ne, farashi ya zama 5,800. Cunkoson da ya ci naira 1,050 ranar Talata ya koma cin 1,680 ranar Litinin. Kuma abin takaicin shi ne ruwan sama da lokacin tafiya aiki su ne ke kawo cunkoso, su ne kuma ke kawo ninki, don haka kusan kullum tare suke zuwa. Farashin Litinin ya haura ninki biyu na farashin Lahadi, duk da cewa 1.6 kawai aka sa. Ya kamata a ce ana nuna wa fasinja wannan rabe-raben tun kafin ya amince, domin adadi ɗaya da ke kan allo ba ya gaya masa nawa ne na hanya, nawa ne na ƙari.

Tsarin ba shi da ido, ƙirga kawai ya iya. A watan Disambar 2014 wani ɗan bindiga ya yi garkuwa da mutane a wani shagon shayi a tsakiyar birnin Sydney na Ostareliya. Jama'a suka ruga suna neman motar tserewa, farashin Uber ya ninka har sau huɗu. Daga baya kamfanin ya nemi afuwa, ya kuma mayar wa mutane kuɗinsu.

Amma da yake ninki na gunduwa ne kuma na ɗan lokaci ne, akwai dabarar rage shi. Idan matar ta jira minti goma sha biyar ruwa ya tsagaita, ninki ya sauko zuwa 1.2, kuɗinta zai zama 5,660, ta rage naira 1,820. Wani lokacin takawa kaɗan daga bakin kasuwa ko ƙofar wurin biki kan fitar da mutum daga gunduwar da ta yi zafi. Kwatanta manhaja biyu ma yana da amfani, domin kowace tana ƙirga nata direbobin ne. Ita inDrive ta dawo da ciniki: fasinja ya taya, direba ya karɓa ko ya nemi ƙari. Sai dai a ranar ruwa direbobin can ma ba su cika karɓar tayin rana ba.

Gajeriyar tafiya tana da nata hukuncin. Kilomita 2 a minti 6 zai ba da 1,180 a lissafin nan, amma idan mafi ƙarancin farashi 1,500 ne, shi za a biya.

Duk wannan kuɗin ba aljihun direba yake shiga ba. A tafiyar Lahadi, idan kamashon kamfani kashi 20 cikin 100 ne, an cire 700 daga 3,500, saura 2,800. Direban ya yi kilomita 4 babu fasinja kafin ya iso, jimla 19, kusan lita biyu a motar da ke yin kilomita 10 da lita ɗaya. Idan lita naira 900 ce, mai ya ci 1,800, saura 1,000, ba a yi maganar taya da bakin mai da balas ɗin mai mota ba. Wannan ne ya sa wasu direbobi kan kira su tambayi inda za a je kafin su taso, wannan ne kuma ya sa ƙungiyarsu ta shiga yajin aiki a watan Yunin 2023 tana neman a ƙara farashi a rage kamasho.

Saura tambayar da ke haddasa cacar baki a bakin ƙofa: me ya sa abin da aka biya ya bambanta da abin da aka nuna? Wani lokacin ƙiyasi ne tsakanin adadi biyu, inda ainihin kuɗin ke fitowa daga kilomita da mintin da aka yi. Wani lokacin farashi ne tsayayye, amma yakan warware idan an canza wurin sauka, an ƙara tsayawa a hanya, an bar direba yana jira, ko tafiyar ta zarce ƙiyasi sosai. Kuɗin shiga filin jirgi da makamantansa daban ake ɗora su. Kuskuren da ya fi yawa daga fasinja yake, wato ajiye alamar wurin sauka a tsakiyar unguwa alhali gidan yana can ƙarshenta. Akwai kuma coge na gaske: a 2017 an ba da rahoton wasu direbobi a Legas da ke amfani da wata manhaja mai suna Lockito suna ruɗar GPS, nisan ƙarya ya hau kan na gaskiya.

Rasit ne ke raba gardama. Kafin shiga mota, fasinja ya ɗauki hoton farashin da ke kan allo, ya kuma lura da nisan da taswira ta nuna. Bayan sauka ya buɗe bayanin tafiyar ya duba kilomita da minti da layin hanyar da aka zana. Idan minti ne suka ƙaru kuma an sha cunkoso, kuɗin yana kan ƙa'ida. Idan tafiyar kilomita 15 ta koma 27, ko layin ya bi unguwar da mota ba ta taka ba, sai a tura koke ta cikin manhajar tare da hoton, a nemi a sake lissafi.