Yadda Ake Sanin Zafin Mafita Kafin a Kunna Na'ura

A masana'antu akwai na'urar musayar zafi, inda mai da ya yi zafi ke bi ta bututu ɗaya, ruwan sanyi kuma ta wani, zafin ya ƙetare ƙarfe ba tare da sun gauraya ba. Sau da yawa injiniya yakan tarar da na'urar a girke. Ya san girmanta, ya san zafin da mai da ruwa za su shiga da shi, amma bai san zafin da za su fita da shi ba.

Tsohuwar hanyar lissafi, LMTD, tana bukatar zafin mashiga da na mafita duka, don haka sai an yi ta ƙiyasi ana gyarawa. Hanyar NTU, wadda Kays da London na Jami'ar Stanford suka yaɗa a littafinsu na 1955, ta kawar da wannan lalube.

Ga misali. Man inji kilo 2 yana shiga kowace daƙiƙa a digiri 100, ruwa kilo 1.9 kuma a digiri 30. Kowane digiri ɗaya da man ya sauka, kilowat 4 ya saki, shi kuwa ruwan sai ya karɓi kilowat 8 kafin ya hau digiri ɗaya. Man ne ke da ƙaramin adadi, saboda haka shi ke ƙayyade iyaka: ko da na'urar ba ta da ƙarshe, ba zai sauka ƙasa da digiri 30 ba. Iyakar zafin da zai iya ƙetarewa ke nan 4 sau 70, wato kilowat 280.

Nagartar na'ura, ε, ita ce kason wannan iyaka da take iya cimma. Idan mai da ruwa suna tafiya gaba da gaba, ana samunta haka:

```
NTU = UA / Cmin
Cr = Cmin / Cmax
ε = (1 − e^(−NTU(1−Cr))) / (1 − Cr·e^(−NTU(1−Cr)))
```

UA shi ne faɗin bangon bututu sau sauƙin ratsa shi da zafi ke yi. Idan ya kai kilowat 4 a kowane digiri, NTU ya zama 1, Cr rabi, nagarta kuma 0.565. Kilowat 158 ke nan ke ƙetarewa, man zai fita a wajen digiri 60, ruwan a wajen 50.

Ma'aikatan gyara ma suna cin moriyar lissafin. Idan datti da gishirin ruwa suka daskare a bututu har UA ya koma 3, nagarta za ta faɗi zuwa 0.48, man ya riƙa fita a digiri 67. Da zarar ma'aunin zafi ya nuna haka alhali yawan mai da ruwa bai canza ba, lokacin wanke bututu ya yi.

Sai dai kowane tsarin gudu da nasa lissafin. Da a ce mai da ruwa suna tafiya gefe ɗaya, nagartar na'urar mai tsabta za ta tsaya a 0.52, man ya fita a wajen digiri 64.