Kaji 500, Buhu 40: Inda Lissafin Neman Jari Ke Tonuwa

Gogaggen jami'in bashi ba ya daɗewa a shafin riba idan aka miƙa masa tsarin kasuwanci, don ya san kowa na iya rubuta ribar da ransa ke so. Abin da yake bi shi ne ko alƙaluman takardar sun yarda da juna.

A ce matashi ne ke neman jarin kiwon kajin nama. Ɗaki ɗaya gare shi mai cin kaji 500, ya kuma rubuta cewa zai sayar da 500 duk wata, wato 6,000 a shekara. Ido zai wuce wannan layin salin-alin, amma wanda ya taɓa kiwo zai tsaya. Kazar nama sai ta yi mako shida zuwa takwas kafin ta isa yanka, sannan a kwashe kashi, a yi feshi, a bar ɗakin ya huta kamar mako biyu. Zubi shida ke nan a shekara, kaji 3,000. Rabin cinikin ya tafi tun ba a zo maganar farashi ba.

Su ma 3,000 ɗin ba duka za su kai kasuwa ba. Masu kiwo kan ware kamar biyar cikin ɗari na mutuwa, kuma zafin Maris da Afrilu a Arewa na iya haura da shi. Zubin 500 ya koma 475.

Shafin abinci ya fi tona asiri. Matashin ya sa buhu 40 mai kilo 25 a kowane zubi, wato kilo biyu ga kowace kaza, alhali a shafin ciniki kuɗin ƙosasshiyar kaza ya ɗora. Kafin ta kai wannan girman takan ci kilo huɗu ko fiye, buhu 80 ke nan. Ko dai kajin su fito a rame farashi ya faɗi, ko kuɗin abinci ya ninka. Tunda abinci ke cin fiye da rabin kuɗin kiwo, wannan kuskuren kaɗai ya isa ya haɗiye ribar.

Haka takardar da ta ɗaga farashin kaza kowace shekara amma ta bar na buhu a tsaye abin zargi ce, balle a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024.

Abin da ya fi ban tausayi shi ne lokacin shigowar kuɗi. Ana sayen 'yan tsaki, abinci da allurar rigakafi tun ranar farko, kwabo kuwa ba ya shigowa sai wajen mako na bakwai. Idan dillali ya kwashi kajin bashi, jiran ya ƙara tsawo. In banki na son kason farko a ƙarshen watan farko, dole takardar ta nuna, wata bayan wata, aljihun da kuɗin zai fito. In babu, mai kaji zai sayar da su suna mako huɗu, a farashin da mai saye ya yanka masa.