Ɗaukar hoton shafin intanet kullum don gane abin da ya sauya

Galibi shafin intanet ba ya ajiye tarihin kansa. Idan wata makaranta ta sauya ranar rufe rajista a shafinta, tsohuwar ranar ta ɓace ke nan, sai dai ga wanda ya ɗauki hoto. Hoton da waya ke ɗauka kuwa galibi iya abin da allo ya nuna ne. Abin da ake bukata shi ne hoton shafin daga sama har ƙasa, kullum a lokaci guda.

Manhajar Playwright tana yin wannan aiki kyauta. Takan buɗe shafin a ɓoye, ta ɗauki hotonsa:

```
npx playwright screenshot --full-page --viewport-size=1280,720 --wait-for-timeout=5000 https://example.com $(date +%F).png
```

Wannan umarni ya tsayar da faɗin shafin a 1280, ya ba shi daƙiƙa 5 ya gama buɗewa, sannan ya sa kwanan wata ya zama sunan hoton, don kada na yau ya goge na jiya. A ajiye umarnin cikin fayil mai suna hoto.sh, sai cron, mai tsara lokutan aiki a Linux, ya riƙa tada shi da ƙarfe 7 na safe:

```
0 7 * * * sh /home/user/hoto.sh
```

Amma fa cron ba ya rama aikin da ya wuce. Idan kwamfuta tana kashe a lokacin, hoton ranar ya tafi.

Tara hotuna ba shi da wuya, wahalar tana wajen kwatanta su. Umarnin compare na ImageMagick yakan ɗora hoton jiya a kan na yau, ya shafa ja a duk inda suka bambanta. Idan lamba ɗaya kawai aka sauya a ranar rufe rajista, za ku ga ɗan jan tabo a wurin. Idan kuwa an ƙara sabon layi a saman shafin, duk abin da ke ƙasa zai gangara, hoton ya yi ja kusan gaba ɗaya, alhali layi ɗaya ne ya ƙaru. Tallace-tallace masu juyawa da akwatin neman izinin kukis su ma sukan jawo jan ƙarya. Haka nan shafuka da yawa ba sa buɗe hotunansu sai an gangara wurinsu, shi ya sa wani lokaci ake ganin fararen gurabu a ƙasan hoton.

Saboda haka kada ku dogara da hoto shi kaɗai. Ku riƙa ajiye rubutun shafin tare da shi, ku kwatanta na jiya da na yau da umarnin diff, wanda zai fito muku da ainihin layin da aka taɓa. Sannan ku riƙa buɗe hotunan da kanku lokaci-lokaci, domin idan shafin ya tare manhajar, za ta ci gaba da ajiye hoton saƙon hani kullum, ku kuna zaton babu abin da ya sauya.