Batir da Sufakafasita: Tulu da Ƙwarya a Wajen Ajiyar Lantarki

Duk wanda ya taɓa kai fanka wurin mai gyara ya san kafasita, ɗan abin nan da idan ya mutu sai an tura fiffiken da hannu kafin ya fara juyawa. Yana da wani babban yaya da ake kira sufakafasita, wanda kamfanin NEC na ƙasar Japan ya fara sayarwa a 1978 domin riƙe bayanan na'urori idan wuta ta ɗauke. Ana yawan cewa shi ne zai gaji batir, tunda yana cika cikin daƙiƙoƙi kuma ba ya saurin mutuwa. Duka biyun gaskiya ne, amma ni ban yarda gado ne a tsakaninsu ba. Batir tulu ne, cikinsa babba, bakinsa ƙarami. Sufakafasita kuwa ƙwarya ce, nan take a cika ta, nan take a juye, sai dai ruwanta kaɗan ne.

Bambancin ya samo asali daga yadda kowanne yake ajiya. A cikin batirin mota, wanda Gaston Planté ɗan Faransa ya ƙirƙiro a 1859, akwai faranta na dalma a tsome cikin ruwan asid. Idan ana jan wuta, dalmar da asid ɗin suna haɗuwa su zama wani sinadari daban, idan ana caji kuma a mai da su yadda suke. Batirin litiyam na wayar hannu, wanda Sony ya fito da shi kasuwa a 1991, shi ma ƙwayoyin litiyam ne suke kutsawa cikin jikin farantin su sake fitowa. Tunda naman farantin gaba ɗaya ke aikin, ajiyar tana da yawa. Amma sauyin sinadari yana son lokaci, kuma kowane zuwa da dawowa yana cin jikin farantin. Shi ya sa batirin waya yake fara gajiya bayan caji ɗaruruwa.

Sufakafasita irin na gama-gari ba ya canza komai zuwa komai. Farantansa biyu an shafe su da gawayin da aka sarrafa, sau da yawa daga ɓawon kwakwa, an jiƙa su da ruwan sinadari mai ɗauke da ƙwayoyi masu caji. Da an jona wuta, sai ƙwayoyin su rabu gida biyu, kowane kashi ya je ya lafe a fuskar farantin da ke jan sa. Da an buɗe musu hanya sai su saki. Sirrin yana cikin gawayin. Cike yake da ramuka ƙanana ƙwarai, ta yadda da za a shimfiɗa fuskar giram ɗaya, za ta wuce murabba'in mita 1,000, 'yan giram kaɗan kuma su rufe filin ƙwallo. Da yake lafewa ce kawai a fuska, ana iya cika shi a zazzage sau dubu ɗaruruwa, har zuwa miliyan a wasu, bai lalace ba. Kuma da yake fuskar ce kaɗai ke riƙo, kilo ɗaya na sufakafasita yana ajiye kusan abin da zai kunna ƙwan wat 5 na awa ɗaya, alhali kilo ɗaya na batirin litiyam yana ajiye ninkin haka sau talatin ko fiye.

Mu ɗauki tayar da mota, don a nan ne ake ganin halin kowanne. Akwai sufakafasita mai girman gwangwanin lemo, nauyinsa kusan rabin kilo, mai farad 3,000, wanda ba ya jure fiye da bolt 2.7. Mota tana aiki da bolt 12 zuwa 14, saboda haka sai an jera guda shida a layi ɗaya. Jerawar tana ɗaga bolt ɗin da za su jure zuwa 16.2, amma tana rage farad ɗin zuwa 500. Ana lissafa makamashin da ke ciki da E = ½CV², inda C ke nufin farad, V kuma bolt. A ce an cika su zuwa bolt 14, kuma kik ɗin motar ya daina juyawa da kyau a bolt 10. Abin da za a iya mora tsakanin biyun jul 24,000 ne. Idan kik yana jan amfiya 200 a bolt 12 na daƙiƙa biyu, ya ci jul 4,800. Ke nan za a tayar da motar kamar sau biyar, da ƙarfi kuwa, don sufakafasita ba ya jin nauyin sakin amfiya ɗaruruwa, injin kuma zai mai da abin da aka ci cikin ɗan lokaci.

To yanzu a manta fitilun gaba a kunne, biyu masu wat 55. Jul 24,000 ɗin nan ba zai kai minti huɗu ba. Batirin mota na yau da kullum zai riƙe su awoyi.

Wannan misali ya tona wani hali da masu talla ba sa faɗa. Batir yana riƙe bolt ɗinsa kusan a wuri ɗaya har ya kusa ƙarewa. Na sufakafasita kuwa yana sauka tun daga daƙiƙar farko, kuma idan ya kai rabi, kashi uku cikin huɗu na makamashin ya tafi. Amfanin haka shi ne da mita kaɗai za ka san abin da ya rage. Illarsa kuma, yawancin na'urori sai an sa musu wani abin da zai daidaita wutar. Yana kuma yoyo, idan aka cika shi aka ajiye, cikin 'yan makonni za a tarar ya zubar da kaso mai yawa.

Inda ya fi dacewa shi ne aikin da ke zuwa da ƙarfi, ya wuce da sauri, ya kuma maimaitu ba iyaka. A birnin Shanghai na ƙasar Sin, tun 2006 akwai motocin bas da ke ɗiban caji a tasha yayin da fasinjoji ke hawa da sauka, abin da zai kai su 'yan kilomita zuwa wata tashar. Jiragen ƙasa na cikin gari suna kama makamashin da birki ke zubarwa su tashi da shi. Jirgin sama Airbus A380 da shi yake buɗe ƙofofin gaggawa, manyan fankokin samar da lantarki daga iska kuma da shi suke karkatar da fikafikansu idan wuta ta yanke.

Mai sola a gida fa? Abin da yake bukata ya raba dare da fitila da fanka, wannan kuwa aikin tulu ne. Ajiyar da za ta ba da wat 100 na awa goma za ta ci sufakafasita kusan kilo 200, alhali batirin litiyam na kilo goma ko makamancin haka ya wadatar. Idan aka tallata maka akwati mara nauyi aka ce sufakafasita ne zalla kuma zai kwana da kai, ka tambayi nauyinsa da yawan ajiyarsa ka auna da wannan lissafin.

Wanda zai yi aiki da shi a ƙasarmu mai zafi ya kula da abu biyu. Zafi yana tsufar da shi, kowane ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin kwanansa, don haka kusa da injin ba mazauninsa ba ne. Sannan a jerin nan na shida, idan babu na'urar da ke raba musu bolt daidai, ɗaya zai haura 2.7, ruwan cikinsa ya fara lalacewa yana fitar da iska. Alamarsa kumburi ko tsatsafowar ruwa a kusa da kansa, ko ka ga bolt ya faɗi warwas da zarar an ɗora masa lodi. Kafin a taɓa shi da sifana a zazzage shi a hankali ta hanyar ƙwan fitila, domin idan ƙarfe ya haɗa kawunansa biyu yana cike, wutar da zai saki tana iya narkar da ƙarfen a hannun mutum.