Janareta a Gidan Haya: Ina Za a Ajiye Shi, Ina Salansa Zai Kalla?

A watan Mayun 2024, an wayi gari da gawar matasa bakwai a wani ɗakin naɗar waƙa a unguwar Amarata da ke Yenagoa, Jihar Bayelsa. Rahotanni sun ce ɗalibai ne. Sun yi aiki har tsakar dare da janareta a kunne cikin ginin, barci ya kwashe su, shi ke nan. Yenagoa da nisa, amma duk wanda ke zaune a gidajen haya na ɗalibai a nan Ƙaura ya san abin da ake yi idan an ɗauke wuta a makon jarrabawa: a yi karo-karon kuɗin mai, a tayar da ɗan Taiga, a jawo shi korido don kada ɓarawo ya yi gaba da shi, a rufe ƙofar gida. Da yawanmu mun ɗauka tunda ba cikin ɗaki yake ba, ai yana waje. To wannan “wajen” shi ne abin dubawa.

Abin da ke kisa a hayaƙin janareta ba shi ne shuɗin hayaƙin nan mai wari da ido ke gani ba. Wata iska ce da ke tafiya tare da shi, kabon monoksaid, wadda 'yan sashen kimiyya ke rubutawa CO. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Idan ta shiga huhu, jini ya fi kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau ɗari biyu da wani abu, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da suke rayuwa da shi. Nauyinta kusan ɗaya ne da na iskar da muke shaƙa, saboda haka cakuɗuwa take yi da iskar ɗaki gaba ɗaya. Mai kwana kan gado da mai katifa a ƙasa duk ɗaya ne.

Bari mu yi ɗan lissafi. Ƙaramin janareta na fetur yana iya fitar da ɗaruruwan giram na wannan iska a awa guda. Mu ƙaddara giram 300. Ɗakin haya mai mita 3 da mita 4, tsayinsa mita 3, yana ɗaukar iska kubik mita 36. A ce janaretan yana korido, kashi ɗaya cikin goma kacal na hayaƙin ke kutsowa ta ƙarƙashin ƙofa, taga kuma a rufe saboda sanyin hunturu. Giram 30 ke nan a awa. Idan ka raba shi cikin iskar ɗakin, zai ba ka sama da 700 a ma'aunin ppm, wato kashi 700 cikin miliyan. A 200 ma mutum yana fara ciwon kai bayan awa biyu zuwa uku. A wajen 800, jiri da tashin zuciya kafin awa guda, suma cikin awa biyu. Kuma fa awar farko kawai muka lissafa, da kashi ɗaya cikin goma. Tankin ɗan Taiga kuwa yana kai awowi kafin ya ƙare.

Ƙa'idar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ke bayarwa ita ce a ajiye janareta a fili, aƙalla ƙafa 20 daga kowace ƙofa ko taga, wato kimanin mita 6, salansa yana kallon nesa da gini. Mita 6 wajen taku takwas ne na babban mutum. Sai dai gidajen da aka yi wa wannan ƙa'ida ba irin namu ba ne. Namu katanga ta zagaye su, kuma a Shinkafi ko Zurmi za ka tarar da zaure, da soro na biyu, da tsakar gida da ɗakuna suka kewaye ta ko'ina. Tsakar gida ƙarama mai doguwar katanga kamar kwano take: da dare, idan iska ta kwanta, hayaƙi ya kan zauna a ciki. Da bazara kuma, watan Afrilu da Mayu, nan ɗin ne ake shimfiɗa tabarmi a kwana. Zaure kuwa ɗaki ne sosai, ko da ƙofofinsa biyu a buɗe suke. Iskar da ta ratsa shi ma cikin gida take kai hayaƙin.

Mu ɗauki gida irin wanda kowa ya sani: ɗakuna takwas, huɗu suna kallon huɗu, korido a tsakiya. Ƙofar gida na kallon gabas, ƙofar baya ta ɓulle wani fili mai tsawon mita 7 inda banɗaki yake. Wurare huɗu ake sa janareta a irin wannan gida. Korido, mun riga mun ga lissafinsa. Baranda tana da rufi da bango, kuma tagogin ɗakunan gaba nan suke buɗewa. Na uku shi ne lungun da ke tsakanin bangon ɗakuna da katanga, wanda faɗinsa bai wuce mita ɗaya ba. Shi mutane suka fi so, don ba ya tare hanya, ɓarawo ba ya hango shi, ƙara ma ta ragu. A ganina ya fi baranda mugunta: hayaƙi ya bugi katanga ya dawo, ba shi da mafita sai tagogin da ke jere a lungun, ga fanka tana juyawa a ɗaki tana taya shi shiga. Wanda ya rage shi ne ƙarshen filin baya, can jikin katangar yamma. Nan ne kaɗai aka sami mita 6.

To amma an gama ke nan? A'a, saura iska. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar ƙasar nan daga arewa maso gabas take busowa. A gidan da muka kwatanta, za ta kwashi hayaƙin ta yi kudu maso yamma da shi, nesa da ɗakuna. Madalla. Da damina sai ta juya, ta riƙa zuwa daga kudu maso yamma, ta tura hayaƙin ƙofar baya, korido kuma ya zama bututu ya raba wa ɗakuna takwas. Wurin da ya yi daidai a Janairu zai iya zama matsala a Agusta. A lokacin sai a rufe ƙofar baya da tagogin da ke kallon filin muddin inji na aiki, a matsar da shi kusurwar da iska za ta wuce da hayaƙin gefen ginin. Gwajin ba wuya: ƙona 'yar takarda a wurin, ko ka bi shuɗin hayaƙin Taiga da ido ka ga inda ya nufa. Ka gwada da dare, lokacin da za a yi amfani da shi. Ka kuma leƙa bayan katangar, kada ka tsirar da kanka ka tura wa tagar maƙwabci.

Mita 6 na bukatar doguwar waya, kuma gajartar waya na cikin abin da ke sa a jawo inji kusa. Taiga ba ya kai amfiya 4, don haka waya mai kaurin 1.5 mm² ta ishe shi. Babban janareta mai 2.5 kVA a ba shi 2.5 mm². Ku sayi mita 15 ku huta. In wayar ta shiga ta taga, a toshe gefen da ta bari da tsumma.

Sai batun sata da ruwan sama, waɗanda su ne ainihin dalilin da ke sa a shigo da shi. Maganinsu keji ne na rodi, a kafa shi da siminti, a yi masa rufin kwano da kwaɗo, gefunansa a buɗe. Kada a gina masa ɗaki na bulo a rufe ruf. Injin zai yi zafi, zai riƙa zuƙar hayaƙinsa, kuma injin da oksijin ya yi wa ƙaranci ya fi fitar da guba.

Wasu kan je wurin mai walda a ƙara wa salansa bututu. Yana da amfani idan inji na waje kuma ana son ɗaga hayaƙin ya haura katanga, amma da sharuɗɗa. Bututun ya zama na ƙarfe, ban da roba ko tiyo, domin salansa na narkar da su. Ya fi bakin salansa faɗi, ya zama gajere, lanƙwasa ɗaya ko biyu. Idan ya yi siriri ko tsawo, hayaƙi ya kan taru ya danne injin, za ka ji muryarsa ta canza, ƙarfinsa ya ragu, fulogi ya riƙa yin baƙi. A ɗaure bututun a jikin turke nasa na kansa, a haɗa shi da salansa da guntun bututun ƙarfe mai lanƙwasuwa, in ba haka ba girgizar inji za ta tsaga waldar. Bakinsa na sama a karkata shi don ruwa, kada ya ƙare ƙarƙashin bakin rufi, inda hayaƙi zai bi ta cikin silin ya sauka a ɗakuna. Baƙin tabo a mahaɗa alama ce ta yoyo. Taiga, da yake ana gauraya masa fetur da baƙin mai, bututunsa na saurin cushewa, sai an riƙa dubawa.

Abin da bututu ba zai taɓa yi ba shi ne ya halatta ajiye inji cikin ɗaki, ko zaure, ko shago. Masu shagon cajin waya da na aski suna yawan yin haka: inji a ƙuryar shago, bututu ta ramin bango. Tsaga ɗaya a walda ta isa, kuma hancinka ba zai gaya maka ba. Iska ma na iya maido hayaƙin ta ramin da ya fita.

Yaya za ka gane ya fara shiga? Ciwon kai, jiri, kasala, tashin zuciya, abin da kowa zai ce maleriya ce ya nemi farasitamol ya kwanta. Bambancin shi ne yawanci babu zafin jiki, yana kama mutum biyu ko uku lokaci ɗaya, kuma yana sauƙi in an fita waje. Mai barci ba ya jin ko ɗaya daga ciki, shi ya sa ya kamata a kashe inji kafin a kwanta, ko da caji bai cika ba. Akwai kuma 'yar na'ura mai batir da ke ƙara idan CO ta taru. Gida mai ɗakuna takwas zai iya haɗa kuɗinta, a rataye ta a korido kusa da inda ake kwana.

In kun tarar da wani ya galabaita, ku fara buɗe ƙofa, a kashe injin, a fito da shi fili. Kada mai ceto ya daɗe a ciki. Madara da manja da ake ɗura wa mutane ba sa cire gubar daga jini, wanda ya suma ma suna iya shaƙe shi. Oksijin ne magani: da iskar waje, jiki na ɗaukar awa huɗu zuwa biyar kafin rabin gubar ta fita, da oksijin na asibiti kuwa awa ɗaya da 'yan mintoci. A kai shi Babban Asibitin Ƙaura ko mafi kusa ko da ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi, a kuma faɗa wa ma'aikata tun daga ƙofa cewa hayaƙin janareta ne, domin 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana iya nuna oksijin ɗinsa lafiya lau alhali jininsa cike yake da CO.