Gona Mai Hekta Ɗaya da Kwamfuta Ta Ce Babu Ita

Bayan ambaliyar 2022 da ta shafe gonaki a Jihar Jigawa, tambayar da kowa yake yi ita ce: gonar wa ruwa ya ci, kuma hekta nawa? Masu aikin taswira a kwamfuta suna da hanyar amsa wannan. Sukan ɗauki taswirar gonaki su ɗora mata taswirar inda ruwa ya malale, sai manhaja ta yanko musu inda biyun suka haɗu. A manhajar QGIS, wadda kyauta ce, sunan wannan aikin Intersection. Sai dai sau da yawa da an danna sai aikin ya tsaya cak, jan rubutu ya fito yana cewa wata siffa tana da "invalid geometry", wato zanenta ya saɓa ƙa'ida.

Ita kwamfuta ba ta ganin gona. Jerin ɗigo kawai ta sani: ta tashi daga kusurwar farko, ta bi ta biyu, ta uku, har ta dawo inda ta faro. Ƙa'idar kuwa ita ce dole kewayen ya rufe, kuma kada layinsa ya tsallaka kansa, domin da zarar ya tsallaka, an rasa inda ciki yake da inda waje yake.

Mu ɗauki gona mai kusurwa huɗu, mita 100 tsawo, mita 100 faɗi, wato hekta ɗaya cif, murabba'in mita 10,000. Ma'aikaci ya zagaya da na'urar GPS ya ɗauki kusurwoyin daidai. Amma wajen shigarwa sai ya sa ta uku kafin ta biyu. Maimakon layi ya bi gefen gona, sai ya ratsa tsakiyarta a karkace, ya sake ratsowa ta ɗaya ɓangaren. Siffar da ta fito kamar kalangu take, baki biyu masu faɗi da ƙugu a tsuke. Wanda yake aiki da PostGIS zai iya tambayar dalili:

```sql
SELECT ST_IsValidReason(
  'POLYGON((0 0,100 100,100 0,0 100,0 0))'::geometry);
```

Amsar za ta fito "Self-intersection[50 50]", wato layin ya tsallaka kansa a tsakiyar gonar. In kuma aka nemi faɗinta, sifiri za a gani. Dalili shi ne rabi ɗaya layin ya zagaye shi ta dama, ɗayan ta hagu, sai lissafin wannan ya cinye na wancan.

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskuren da ya fi damuna. QGIS tana da zaɓin da zai sa ta tsallake duk siffar da ba ta inganta ba, ta ci gaba da aiki. Jan rubutu ba zai ƙara tsayar da kai ba, sakamako zai fito tsaf. Amma gonar da aka tsallake ta fita daga lissafi ke nan, kuma in da wannan jerin za a raba tallafi, mai ita bai san an cire shi ba.

Hanyar da ta dace tana farawa da ajiye kwafin asali a gefe, a kuma rubuta yawan gonaki da jimillar faɗinsu. Sannan a gudanar da Check validity. Zai ware masu kyau daban, masu matsala daban, ya kuma sa ɗigo a daidai wurin da kowace matsala take. Sai a zuƙo waɗannan wuraren a duba da ido, tun kafin a taɓa komai.

Akwai maganin gaggawa, Fix geometries a QGIS ko ST_MakeValid a PostGIS. Ga abin da zai yi wa gonar tamu: zai yanka kalangun a ƙugu, ya mayar da shi siffofi biyu masu kusurwa uku-uku, kowace murabba'in mita 2,500. Jimilla 5,000. Yanzu zanen ya bi ƙa'ida, Intersection zai karɓe shi ba gardama, amma rabin gonar ya tafi. Akwai ma wata tsohuwar dabara da ake yawan koya wa sababbin shiga, ta yin Buffer da tazarar sifiri; a irin wannan siffa takan jefar da ɓangare ɗaya gaba ɗaya, a bar manomi da 2,500. Manhaja ta san ƙa'idar zane, amma ba ta taɓa taka gonar ba. Gyaran gaskiya a nan shi ne a koma littafin ma'aikaci, a jera kusurwoyin yadda aka bi su a ƙasa, sai hekta ɗaya ta dawo. Maganin gaggawa yana da amfani ga ƙananan harɗe-harɗe, irin wanda hannu kan yi in ya zame yayin zane, inda faɗin da ya canza bai taka kara ya karya ba. Hanyar rarrabewa ita ce a kwatanta faɗin kowace gona kafin gyara da bayansa. Duk wadda ta yi tsalle, a duba ta ita kaɗai.

Matsala ta biyu ta fi wannan ɓuya, domin Check validity ba ya ganinta. Mutum biyu sun zana iyaka ɗaya, a ce tsakanin gundumomi biyu, kowa a nasa lokacin. Layukansu ba za su taɓa zama ɗaya ba. Nan su hau juna, can su bar giɓi. In aka ɗora taswirorin, sai a sami ɗaruruwan siraran zirare kamar tsinken tsintsiya a tsawon iyakar. Kowane ziri a ƙa'ida lafiyarsa ƙalau, amma babu shi a ƙasa. Saɓanin rabin mita a iyaka mai tsawon kilomita biyu murabba'in mita 1,000 ne, ko an ƙirga shi sau biyu ko ba a ƙirga ba sam.

Ana tare wannan tun kafin ɗorawa. A zaɓi taswirar da aka fi amincewa da ita a matsayin uwa, a ja ɗigon ɗayar su manne mata da Snap geometries to layer. Wuyar aikin tana wajen zaɓen tazara: ta ɗan ɗara saɓanin da aka auna, amma kada ta kai faɗin abu mafi siranta da yake na gaske. A kuma lura da ma'auni. In taswirar tana kan EPSG:4326, ma'auninta digiri ne, kuma digiri ɗaya ya kai kusan kilomita 111, don haka wanda ya rubuta 1 yana nufin mita ɗaya zai dagula taswirar gaba ɗaya. A fara mayar da ita ma'aunin mita. Ga Kano da Jigawa, EPSG:32632 ne.

Ziraren da suka saura ana zaɓo su ta ƙanƙantar faɗi da tsawon kewaye, a haɗe kowanne da maƙwabcin da suka fi doguwar iyaka tare, ta hanyar Eliminate selected polygons. Share su kawai rami yake bari a taswira. Kafin a danna, a bi jerin a kan hoton tauraron ɗan'adam, domin burtali da magudanar ruwan noman rani su ma sirara ne dogaye, kuma burtalin da aka narkar cikin gonar wani a takarda rigima ce ake shukawa tsakanin manomi da makiyayi. Mannewar kanta takan haifar da sabon harɗewa, saboda haka a sake gudanar da Check validity, a sake ƙirga gonaki, a kwatanta da adadin da aka rubuta tun farko. In gonaki 400 aka fara da su, 400 ɗin ne za su shiga Intersection.