Yadda Ake Samo Matiriks na Miƙaƙƙen Sauyi a Kan Zaɓaɓɓen Tushe

Miƙaƙƙen sauyi ƙa'ida ce ta lissafi da ke ɗaukar bekta ta mayar da ita wata, ba tare da ta ɓata tarawa ko ninkawa da lamba ba. Matiriks kuwa jadawalin lambobi ne da ke taƙaita wannan ƙa'ida. Lambobin jadawalin sun dogara ga tushen da aka zaɓa, wato bektocin da ake auna duk sauran da su. Tushen da aka saba da shi shi ne (1,0) da (0,1), amma kowaɗanne bektoci biyu za su iya zama tushe a shimfiɗaɗɗen fili, muddin ba sa kan layi ɗaya. Shi ya sa (1,1) da (2,2) ba za su yi ba.

A ɗauki sauyin T(x,y) = (x + 2y, 3y), da tushen b1 = (1,1), b2 = (1,2). Da farko ana sa kowace bektar tushe cikin sauyin. T(b1) = (3,3), wato b1 sau uku, babu b2 ko kaɗan, don haka layin tsaye na farko shi ne 3 da 0.

Ta biyun ce ke buƙatar natsuwa. T(b2) = (5,6), amma waɗannan lambobi da tsohon ma'auni aka auno su, kamar hatsin da aka auna da mudu alhali da tiya ake ciniki. Dole a nemo a da c waɗanda za su sa a·b1 + c·b2 = (5,6). Wannan na nufin a + c = 5, kuma a + 2c = 6. Idan aka ɗebe na farko daga na biyu, c = 1, sai a = 4. Matiriks ɗin ya zama:

```
3  4
0  1
```

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su jera (3,3) da (5,6) kai tsaye a matsayin layukan tsaye, su tsallake wannan matakin. Gano shi ba wuya. Jimillar lambobin da suka gangaro daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama ba ta canzawa ko an sauya tushe. A tushen da aka saba, jimillar ita ce 1 + 3 = 4; a sabon, 3 + 1 = 4. Jadawalin kuskure kuwa 9 yake bayarwa.

Gwajin da ya fi ƙarfi shi ne a bi wata bekta. Bektar 2·b1 + b2 ita ce (3,4), kuma T na kai ta (11,12). Sabon matiriks idan ya ninka (2,1) yana ba da (10,1), kuma 10·b1 + b2 = (11,12). Amsoshin sun dace.

Jerin bektocin tushe ma yana da tasiri: idan b2 ta zo kafin b1, layukan tsaye da na kwance duka za su musanya wuri.